Awakin Inna Dije: labarin Rabi da gardamar tilo da jam'i

Rabi: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ga gajeren labarin da na yi alkawari tun kafin salla. Kashi biyu ne, ga na farko. Don Allah kada a ji kunyata, inda bai yi ba a faɗa mini.

Ranar Lahadi wata baƙuwa ta sauka Tibiri, shi ya sa Inna Dije ta raɗa mata Ladi. Sunanta na can ƙasarsu kuwa tsohuwar ba ta ko gwada faɗa ba. Shekara uku Ladi ta yi tana koyon Hausa a jami'a, Hausar Kano, wadda ke cikin littattafai. Ta zo da rakoda da wani kaye mai kauri, kowane shafi ta raba shi biyu da jan layi, hagu tilo, dama jam'i. Kalma 200 ta jera a hagu. A lissafinta, sati biyu sun isa ta cike dama ta koma.

Suka zauna gindin gawo, Inna tana gyaran yakuwa.

"Inna, akuya ɗaya. In sun kai uku fa, me za ki ce?"

"Akuya uku."

"In goma ne?"

"Akuya goma. Allah ya ba mu."

Ladi ta rubuta akuya a hagu, ta rubuta akuya a dama, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Zuciyarta har bugawa take, ta ga ta gano garin da jam'i ya fara ɓacewa. Can da la'asar sai ga jikan Inna a guje: "Inna, awaki sun afka ma wake!" Tsohuwa ta miƙe da kara a hannu tana faɗa da awakin ɗaya bayan ɗaya. Da ƙura ta lafa Ladi ta ce, "Inna, ai ɗazu akuya uku kika ce."

"Ke kinka ce uku, ɗiyata. Uku ta riga ta faɗi yawansu, mi ya rage ma akuya ta faɗi?"

Washegari Ladi ta daina ambaton lamba. Ta dafa gawon da suke zaune ƙarƙashinsa ta ce, "Wannan itace, idan da yawa ne fa?" Inna ta ɗaga kai ta dubi gawo, ta waiga dama, ta waiga hagu.

"Ina sauran?"

"Sauran me?"

"Itacen da kike faɗi. Ni icce guda nike gani. In itace kike so, tashi mu tahi bakin gulbi ki gansu."

"To itatuwa fa?"

"Wannan sai ki tambayi mutanen da sunka koya miki."

Laminu Kabu-kabu: Hahaha, wallahi tsohuwar nan kakata ce sak. "Ina sauran?" Ci gaba Rabi.

Alhaji Sani: Wa alaikumus salam. Ban karanta duka ba ina kasuwa, amma na ga ana ta jam'i jam'i. Ai mun yi magana ba a kawo zancen jam'iyya a zauren nan.

Laminu Kabu-kabu: Alhaji ba siyasa ba ce, awaki ne.

Alhaji Sani: To madalla. Awakin na sayarwa ne?

Mushe Ibro: Rabi, labari ya yi daɗi, amma ina da gyara a kan icce. Ni a sanina ba tilo da jam'i ba ne. Icce shi ne wanda ke tsaye da ransa, itace kuma na girki, wanda aka faskara. Shi ya sa ake cewa mai itace. Kuma abin da ya fi damuna, bai kamata a nuna jam'in Hausa kamar ba shi da doka ba. Yana da ita, haka nake koya ma yara: kalmar mace ta ɗauki irin su hanya hanyoyi, taga tagogi, mota motoci, ta namiji kuma ɗaki ɗakuna, rumbu rumbuna, keke kekuna.

Hadiza: Mushe, riga fa? Mace ce, kuma riguna muke cewa. Hula ma huluna.

Mushe Ibro: Kowace doka tana da ƴan tawaye, Hadiza.

Malama Zuwaira: Sannunku. Mushe, rabin maganarka tana kan hanya. Gaskiya ne kalmomin mata da yawa masu ƙarewa da a suna bin hanyoyi da tagogi, sai dai rinjaye ne, ba doka ba. Kujera mace ce, kujeru. Gona mace ce, gonaki. Tukunya, tukwane. In ka ce wa yaro doka ce, ranar da ya rubuta "rigogi" kai za ka ja masa jan biro alhali umarninka ya bi.

Maganar icce kuwa, Inna Dije ta fi mu gaskiya, kuma ana iya ganin dalilin a jikin kalmar. Ɗauki gulbi. Jam'insa gulabe: an cusa dogon a tsakanin l da b, an ƙare da e. Birni, birane. Kasko, kasake. Yanzu ɗauki icce. Wannan c biyu da muke rubutawa asalinsu t da c ne, t ɗin ta narke cikin maƙwabciyarta don suna manne. Da ka cusa dogon a ɗin tsakaninsu sai t ta dawo: itace. Ka faɗi gulabe, birane, itace a jere, ka saurari muryarka: sama, ƙasa, sama, duka ukun. Awo ɗaya ne.

Abin da ya faru a Hausar Kano shi ne jam'in ya koma tilo, sai aka sake ƙera masa wani jam'in, itatuwa. Ladi ta zo da wannan, ta sa itace a hagu, nan kuwa mazauninsa dama ne.

Mushe Ibro: To mai itacen fa, Malama?

Malama Zuwaira: Mai itace ai ba guda yake sayarwa ba. Kamar mai kaji ne. Amma ban ƙi maganarka gaba ɗaya ba. Na sha jin yaran cikin gari suna cewa bishiya ga mai rai, itace ga na murhu, icce kuma ya fara janyewa daga bakinsu. Wannan sai an zauna an saurara unguwa-unguwa, ni ba zan yanke hukunci daga kan tabarmata ba.

Hadiza: Mu gidanmu Bagalam har gobe icce muke cewa, na murhun ma. "Miƙo min iccen nan." Sai dai mijina Bakano ne, farkon aurenmu da na ce icce dariya ya yi ta yi, wai Hausar ƙauye. Bari in nuna masa wannan bayani yau, ashe su ne suka ɓatar da tilo.

Malama Zuwaira: A'a Hadiza, kada ki tayar mana da yaƙi a gida. Mu ma muna da irin namu. Gida da kowa ke faɗa, da mu da su, masana suna ganin tsohon jam'i ne, tilonsa giji. Bai mutu duka ba, yana nan cikin ubangiji da uwargijiya. Yau ba wanda ke jin gida a matsayin jam'i, shi ya sa muka yi gidaje.

Rabi: Kai, wannan na giji ban taɓa lura ba. Ga kashi na biyu kafin caji ya ƙare.

A sati na biyu kayen Ladi ya cika da kibiyoyi, wannan kalma ta ƙaura dama, waccan ta dawo hagu. Ta daina tambaya sosai, sai ta kunna rakoda ta bar Inna tana hira. Wata safiya Inna ta ce ɗiyata ta tahi Madarunfa biki. Da hantsi kuma, ana zancen gona, ta ce ɗiyana sun tahi Jiratawa aikin rani. Ladi ta duba kaye. Ɗiya tana hagu, da fassararta a gefe: yarinya mace.

"Inna, ɗiya nawa gare ki?"

"Wacce kike tambaya? Ɗiya guda gare ni, ɗiya bakwai gare ni."

Ladi ta ajiye biro. Inna ta yi dariya har tana tari, sannan ta sake faɗa a hankali, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Ɗiya. Ɗiya. Ta farko ta taso daga ƙasa ta hau, ta biyu tana sama tun daga farko. Da dare Ladi ta mai da rakoda baya sau goma sha biyu kafin kunnenta ya kama.

Ranar Juma'a ta kawo wa Inna jikka biyu, ladan zama. Inna ta ƙulle a bakin zane ta ce kuɗi sun yi albarka. Ladi ta ji "sun", ta zabura.

"Inna, kuɗi jam'i ne? To ina ɗayansu?"

Tsohuwa ba ta ce komai ba. Ta shiga ɗaki, aka ji motsin ƙore, ta fito da wani abu fari ƙarami a tafin hannu, bayansa a fashe, ya sha hannu har yana sheƙi.

"Ga shi. Wuri. Na kakata ne. Da irinsa anka yi sadakinta."

A daren nan Ladi ta buɗe sabon shafi, ba ta ja layi ba. Ta rubuta a sama: kada ki dubi siffar kalma, ki saurari abin da ke bin ta. In ya ko ta, tilo. In sun, jam'i. Ta kwanta da murna.

Da safe Inna ta leƙo ta ce, "Ladi, Malam sun dawo daga Tasawa, kai musu hura zaure." Ladi ta dama ƙwarya babba, ta ɗauki ludayi huɗu, ta yi sallama ta shiga. Tsoho ɗaya ta tarar zaune kan buzu yana jan carbi. Ya dubi ludayin, ya dube ta.

"Baƙi za mu yi?"

Nan ya ƙare.

Laminu Kabu-kabu: Ludayi huɗu! Rabi kin kashe ni. Ku lura ma, ludayi huɗu ta ce, ba ludaya huɗu ba.

Nafisa: Ni zan zama mai ɓata biki. Rubutun yana da kyau, ƙarshen ma ya yi, amma ban yarda da Ladi ba. Mace ta yi shekara uku tana karatun Hausa a jami'a, a ce ba ta san ana cewa mota biyu, kwana uku ba? Wannan a watannin farko ake koyonsa. Kin mai da ita wawuya don tsohuwa ta haska. Irin labarin nan na baƙo mai digiri da tsohuwa mai hikima mun saba jinsa, kullum tsohuwa ke ci.

Rabi: Yaya Nafisa na ji, kuma ya shige ni. Amma ba wauta na so nunawa ba, zumuɗi ne. Ta zo tana son ta gano abin da ba wanda ya gano.

Malama Zuwaira: Nafisa tana da gaskiya a kan akuya uku, ba ta da ita a kan sauran. Bari in rarrabe. Na yi irin wannan aiki lokacin da nake karatu a Yamai, an tura mu ƙauyuka da jerin kalmomi, kuma kuskuren farko na Ladi na yi shi da kaina, ni da aka haifa cikin Hausa. Ba rashin sani ba ne. Tambayar ce ke ɗauke da amsarta. Da ka sa lamba cikin tambaya ka buɗe wa mai amsa ƙofar barin kalma yadda take. In kuma ka ce "in suna da yawa fa", wani zai ce maka "akuya da yawa" ya huta. Wani kuma, don ya faranta maka, sai ya ƙera jam'in da bai taɓa faɗa ba a rayuwarsa. Wani dattijo ya taɓa ba ni "gerori" a matsayin jam'in gero, na rubuta da murna, matarsa tana bayan darni tana dariya.

Don haka Rabi, gyaran da zan ba ki: kada Ladi ta ɗauka jam'i ya ɓace. Ta san ƙa'idar, amma gajiya da zafin rana su sa ta yi tambayar banza, ta gane da kanta lokacin da yaron ya shigo da gudu. Zai fi ciwo, kuma zai fi kama da gaskiya.

Ɗiya kuwa, ko wanda ya yi shekara goma da littafi zai iya faɗawa ramin. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti. Kuma a Kano ƴa da ƴaƴa ta koya, inda jam'in a fili yake. Mata ma haka take ai: matar mutum guda murya ƙasa sannan sama, mata da yawa sama da sama. A takarda kalma ɗaya ce.

Mushe Ibro: To in rubutu bai nuna ba, yaro a lakkwal ta yaya zai gane?

Malama Zuwaira: Ta abin da ke manne da ita, kamar yadda Rabi ta sa a bakin Inna. Ɗiyata, ɗiyana. Matata, matana. Matar Audu, matan Audu. In ka ga ta ko r, mace guda ce. In ka ga na ko n, an wuce guda. Sai dai wannan awo yana aiki ne kawai in tilon mace ne. Namiji da jam'i kayansu ɗaya: iccen nan, itacen nan, duka n. Icce ne, itace ne, duka ne. Nan ba abin da zai raba maka gardama sai ka sa kalmar ta yi aiki. Ka ce wa tsohuwa, in iska ta kayar da su me za ki ce? In ta ce icce ya faɗi, itace sun faɗi, ka samu. In wani ya ce itace ya faɗi, ka san a bakinsa ta riga ta koma tilo.

Shi ya sa ƙarshen labarin ya burge ni. Awon "sun" shi ne mafi ƙarfi da Ladi ke da shi, kuma ga mutane shi ma yana yaudara, don muna jam'inta babba saboda girmamawa. Ga icce da kuɗi da akuya ba wannan matsala, ba wanda ke girmama akuya.

Laminu Kabu-kabu: Malama ba ki ga farashinta ba bana.

Hadiza: Ruwa fa? Kakata in an gaishe ta da damina cewa take ruwa sun yi gyara. Ni kuma na lura ina cewa ruwa ya ɗauke in famfo ya tsaya. Ban san lokacin da na canza ba.

Malama Zuwaira: Duka biyun ana ji, kuma mutum ɗaya yana iya yin duka biyun kamar ke. Kuɗi ma haka: kuɗi sun ƙare, kuɗi ya ƙare. Ga kuɗi dai mun san asali, jam'in wuri ne tun zamanin da ake ciniki da shi, da wuri ya bar kasuwa sai kalmar ta zauna ita kaɗai, har aka yi mata kuɗaɗe. In kina son ki san wane ne ya fi yawa a bakinki, kada ki tambayi kanki, za ki ba da amsar da kike ganin ta fi kyau. Ki sa ƴarki ta riƙa lura da ke kwana biyu.

Nafisa: Na karɓi na ɗiya. Amma wurin nan na kakarta bai kwanta mini ba. Tsohuwa ta shiga ɗaki shiru, ta fito da abin tarihi a tafin hannu, kamar wasan kwaikwayo. Kuma anya tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta haɗa wuri da kuɗi a matsayin tilo da jam'i? Wannan sanin malamai ne kika sa mata a baki.

Laminu Kabu-kabu: Haba Yaya, wa bai san ko wuri ba ni da shi ba? Ni kullum da yamma nake faɗa.

Nafisa: Faɗar karin magana daban, sanin cewa ɗayan kuɗi ne daban.

Mushe Ibro: A nan ina bayan Nafisa. Ni kaina sai yau na ji. Kuma har yanzu ina ganin awaki uku ya fi akuya uku daidai, ko me Inna Dije za ta ce. A jarrabawa awaki uku zan ba maki.

Alhaji Sani: Yanzu na karanta. Mushe, mu a kasuwar dabbobi in na ce akuya uku, mata uku nake nufi, ba bunsuru ciki. In na ce awaki uku, ƙila da bunsuru, sai ka zo ka duba. Haka tumaki, da rago da tunkiya duk ciki. Wanda ya aiko yaro ya ce a ba shi tunkiya biyu ba zan haɗa masa da rago ba.

Malama Zuwaira: Alhaji, wannan da ka faɗa ya fi duk abin da na rubuta yau amfani ga labarin. Ke nan awaki ba akuya da akuya da akuya kawai ba ne, sunan garken ne gaba ɗaya, kamar shanu da ya haɗa sa da saniya, da kaji da ya haɗa har zakara. Layin da Ladi ta ja ba shi da wurin ajiye wannan. Abin da ban tabbatar ba shi ne ko kowa ke rarrabewa haka in an zo lissafi, ko ku ƴan kasuwa ne kuka kaifafa shi don ciniki.

Alhaji Sani: Oho, mu dai haka muka taras.

Rabi: To ga abin da zan yi. Akuya uku zan gyara yadda Malama ta ce, kuma zan sa bunsuru cikin awakin da suka afka wa wake, Inna ta nuna mata shi da kara. Wuri kuwa ina ta tunani. Yaya Nafisa, daga kakar mahaifiyata aka ba ni labarin, an ce tana da su cikin wani ɗan gora, amma gaskiya ban san ko ita da bakinta za ta ce ɗayan kuɗi ne ba. Ƙila in sa Inna ta fito da shi don wani dalili daban, Ladi ce za ta haɗa.

Nafisa: Haka zai fi. A bar wa Ladi ko abu ɗaya ta gano da kanta.

Hadiza: Jibi zan je Tibiri gaisuwa, akwai gwaggon babana, ta haura tamanin. Malama, rubuto mini tambayoyin yadda ba zan sa mata amsa a baki ba.

Malama Zuwaira: Kada ki ambaci lamba, kada ki ce "da yawa", kada ki fara faɗin kalmar. Ki tambaye ta ambaliyar 1945 da ta sa Maradi ta hau tudu, abin da manyanta suka ba ta labari, me ruwa ya ci, me ya bari. Da ruwa da itace da awaki da kuɗi duk za su fito da kansu. Ki nemi izininta kafin ki kunna waya.

Mushe Ibro: Ki tambayo mini jam'in gero kuma.

Hadiza: Mushe, so kake a kore ni daga gidan?